Maƙwabci ya buɗe shago: me za ka ce masa?

Wani maƙwabcina a Kano ya fasa bangon soron gidansu, ya sa ƙofar ƙarfe, kafinta ya buga masa kanta hawa huɗu. Ranar wata Asabar ya dawo daga Kasuwar Singa da kaya a adaidaita sahu: taliya, madara, sukari, sabulu, ganyen shayi da man gyaɗa jarka ɗaya. Ya yi digiri, ya shekara uku yana yawo da takardu, ga mata da yara biyu. Ina zaune a kan benci a ƙofar shagon da yammar, na ga yadda mutanen layinmu suka riƙa zuwa yi masa murna, na kuma ga fuskarsa tana sauyawa da kowace gaisuwa.

Wani dattijo ya tsaya ya dubi kantar, ya ce, "Masha Allah. Malam, Allah ya sa albarka, Allah ya kawo kasuwa. Ba ni sabulun wanki biyu." Ya biya ya wuce. Bayansa wani abokin karatun mai shagon ya zo da fara'arsa ya ce, "Kai, ka kyauta wallahi! Ai gara wannan da zaman banza. A riƙa lallaɓawa da ɗan shagon kafin aiki ya samu." Mai shago ya yi murmushi ya ce amin, amma daga nan bai ƙara ɗaga kai ba, sai ya shiga gyara gwangwanayen madarar da tun ɗazu a jere suke.

Abokin nan ba shi da mugun nufi. Sai dai a cikin jimla uku ya tuna wa mutum cewa jiya zaman banza yake yi, ya mai da sana'ar abin wucin gadi, ya kuma rage mata tsawo da kalmar "ɗan". Wannan ƙaramar kalma tana da doka a bakin Bahaushe. Mai abu yana iya cewa "ɗan shagon nan da na buɗe", wannan kunya ce da ƙanƙan da kai, kuma kowa ya gane. Idan ta fito daga bakin wani, ta koma awo: ka auna abin ka ga bai kai ba. Haka "da babu gara ba daɗi". Karin magana ce mai kyau ga wanda yake rarrashin kansa, amma ba a kai wa mutum ita a matsayin barka.

Abin da ya sa gaisuwar dattijon ta zauna shi ne ya yi wa maƙwabcina irin gaisuwar da zai yi wa babban dila a Kantin Kwari ko mai rumbun hatsi a Dawanau. "Allah ya kawo kasuwa" ba ta tambayar girman jari. Ya kuma fara da "Masha Allah", wanda ba ƙaramin abu ba ne, domin mutanenmu suna tsoron kambun baka. Wanda ya shigo yana zuzuta kaya, "Kai, wannan kaya haka! Ashe kai ma kana da kuɗi", ba tare da tubarkalla ba, ya bar mai shago da zullumi. Yabo gajere tare da addu'a ya fi doguwar zuga.

Akwai tambayoyin da su ma ba na ranar ba ne. "Nawa ka zuba?" da "Wa ya ba ka jari?" bincike ne. "Ka san wane ma a nan ya buɗe, bai yi shekara ba ya rufe?" wannan kuwa ko gaskiya ce, ba ta da amfani ga mutumin da ya riga ya biya kafinta. Shawara ma haka. Kusan kowa a unguwa yana da ra'ayi a kan abin da ya kamata a sayar, har waɗanda ba su taɓa sayar da ko ashana ba. Idan kana da ilimin abin da gaske, ka bari sai kun keɓe bayan kwana biyu, ka kawo ta a matsayin buƙatarka: "Malam, in ka koma Singa ka duba mana omo ƙanana, kullum sai mun aika yaro titi." Ka ba shi labarin kasuwa ke nan, ba ka koya masa sana'arsa ba.

Inda fatan alheri yake rushewa da gaske shi ne wurin bashi, kuma a nan sai an ɗan yi lissafi. Katan ɗin taliya yana ɗauke da ƙulli 20. Mu ƙaddara ya saro shi naira 18,000, yana sayar da kowane ɗaya 1,000. Idan katan ya ƙare ya tara 20,000, ribarsa 2,000 ke nan, kuma a ciki zai cire kuɗin mota da na dako da na leda. To, maƙwabci ya aiko yaro da safe: "Wai in ji Babana, Allah ya sanya alheri, a ba shi taliya uku zuwa ƙarshen wata." Naira 3,000 ta fita. Ribar katan ɗin duka ta tafi, an kuma ci 1,000 daga uwar kuɗi. Idan ya sayar da sauran 17, abin da ke hannunsa 17,000 ne, bai isa ya sake saro katan ɗin da ya fara da shi ba. Gida biyar su yi masa haka a kan sukari da madara da mai, sai ka ga alamar a kan kanta: gurabe sun fara bayyana, ana baje kaya don su rufe fili, littafin bashi yana ƙara kauri. Daga nan mutane su fara cewa ai shagon ba shi da kaya, su koma titi da kuɗinsu a hannu.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ce kada a taɓa karɓa ba. Tsohon shago da ya kafu yana iya ɗaukar nauyin maƙwabta. Sabo ba ya iyawa, kuma mai shi yana jin nauyin hana mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci. Saboda haka ɗauke masa wannan nauyin yana wuyanmu. Neman ragi "na maƙwabtaka" ma ɗan'uwan bashi ne, tunda kayan masarufi farashinsu sananne ne kuma ribarsu siririya ce.

Wanda yake son ba da gudunmawa ya lura da yadda zai ba da ita. Miƙa kuɗi a gaban jama'a yana kama da sadaka. Benci, ko fitila mai caji, ko kwado mai ƙarfi, ko bandir ɗin leda, kayan aiki ne, ana karɓarsu ba tare da an sunkuyar da kai ba. Na ga wata dattijuwa a layinmu ta aiko jikarta da 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari na naira 5,000 a canza mata da manya, don ta san sabon shago canji yake fara rasawa. Ban ga kyautar da ta kai wannan dabara ba a ranar. Idan kuwa matar maƙwabci ce ta fara sayar da kayan miya ko atamfa a cikin gida, uwargida ce za ta leƙa ta ce, "Maman Abba, Allah ya sa a fara a sa'a," ta sayi wani abu, ta kuma gaya wa matan makarantar Islamiyyarsu.

Ranar buɗewa kowa yana zuwa. Mako na uku ne shago yake yin shiru, mai shi ya zauna yana kallon hanya yana tunanin ko ya yi kuskure. Mai karatu, in akwai sabon shago a layinku, ranar ce za ka tsaya ka ce "Malam, ya kasuwa?", ka jira ya ce "Da godiya", sannan ka sayi sukarin shayin gobe ka biya nan take.