Kwali nawa, buhu nawa? Lissafin tayil da simintin ɗaki ɗaya

Mai sayar da tayil ba zai tambaye ka ko ɗakinka babba ne ko ƙarami ba. Tambayarsa ɗaya ce: “Alhaji, sikwaya mita nawa?” Mu kuwa da ƙafa muke auna ɗaki, shi ya sa lissafi yake fara karkacewa tun a bakin shago.

Mu ɗauki ɗakin da aka fi ginawa, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, in an ninka tsawo da faɗi sai a sami sikwaya mita 13.4. A ce tayil mai santimita 40 kowane gefe aka zaɓa. Yawanci guda 12 ne a kwali, suna rufe sikwaya mita 1.92, amma a duba jikin kwalin don kamfanoni sukan bambanta. Raba 13.4 da 1.92, ka sami kwali 7 kusan cif, wato tayil 84. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su biya kuɗi, kuma a nan ake yin kuskuren.

Dalili shi ne tayil ba ya miƙewa ya dace da bango. Jera guda 9 daga wannan bango zuwa wancan, za a bar rata ta kusan santimita 6, siririn yanki mai wuyar yankawa kuma mai muni a ido. Ƙwararren mai saka tayil ba ya yarda da wannan. Daga tsakiyar ɗaki yake farawa, ya jera guda 8 cikakku, sannan ya sa yanki mai kusan santimita 23 a kowane gefe. Kowane irin wannan yanki tayil guda yake ci, tunda ragowar santimita 17 ba ta isa ɗaya gefen. Sai ga layi 10, kowane layi tayil 10, jimla 100, alhali 84 aka saya.

Sa’an nan ga sikatin, wato yankin da ake zagaye gindin bango da shi. Kewayen ɗakin mita 14.6 ne, in an cire ƙofa saura kamar 13.7, a tsayin santimita 10 ya ba da sikwaya mita 1.4. Haɗa da ƙasan ɗakin, 14.8 ke nan. Kan wannan ake ɗora rarar kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 16.3. Raba da 1.92, kwali takwas da rabi, kuma ba a sayen rabi, don haka kwali 9, tayil 108. Guntayen nan masu santimita 17 su za su yi kusan duk sikatin ɗin, in mai aikin ba mai ɓarna ba ne, a tsira da ’yan kaɗan na ajiya. Idan kuwa saka ta karkace ake so, mai kama da zanen lu’ulu’u, ko ɗakin yana da lungu da ginshiƙi, gara a kai rarar kashi 15. A sayi duka a rana ɗaya, masu lamba iri ɗaya a jikin kwali, don wanda aka je ƙarowa bayan wata guda launinsa kan ɗan sauya.

Shi siminti kaurin kwaɓin da za a shimfiɗa a ƙarƙashi ne ke cinsa. A ce kaurin santimita 3 ne, kwaɓin kuma siminti kashi ɗaya, yashi kashi huɗu, wato buhu mai kilo 50 da kwanon sarki 8 na yashi. Wannan ɗaki zai ci buhu 3. A saukake, kowane santimita ɗaya na kauri buhu ɗaya ne a ɗaki irin wannan. Ƙara buhu guda na kunun simintin da ake manna tayil da shi da na sikatin, buhu 4 ke nan. Amma idan daɓen ya yi tudu da kwari har kaurin ya kai santimita 5, buhu 6 za a nema. Saboda haka kafin ka ce magini ya ci maka siminti, ja igiya a ƙasan ɗakin ka ga yadda yake. Rowar siminti ma ba riba ba ce: tayil ɗin da ka ƙwanƙwasa ya yi amo kamar ganga, ƙarƙashinsa fanko ne, ƙafar gado kaɗai ta isa ta fasa shi.

Farashi kullum canjawa yake, don haka misali kawai: kwali naira 9,000, buhu naira 10,000. Tayil ya tashi 81,000, siminti 40,000, jimla naira 121,000. Wanda ya yi lissafin kwali 7 da buhu 3 ya tanadi 93,000 ne kawai, saura 28,000 zai nema a tsakiyar aiki. Yashi, farin simintin cike tsakani, kuɗin dako da ladan mai aiki duk ba su shiga ba, kuma tunda a sikwaya mita ake yawan yin jingar, a yi magana tun farko ko sikatin yana ciki.