Idan Gini Ya Makara: A Haɗa Ayyuka ko a Ƙara Hannu?

A ce ana gina ajujuwa uku da za a buɗe a Satumba, aiki kuma ya makara da mako biyu. Hanya biyu ke gaban ɗan kwangila.

Ta farko ita ce haɗa ayyukan da a ƙa'ida ɗaya ke jiran ɗaya. Mai wayarin ya shiga aji na farko alhali kafinta na rufin na uku. Wannan ba ya cin ƙarin kuɗi nan take, amma idan aka yi filasta kafin a gwada waya, sai an fasa bango, makon da aka ceto ya tafi.

Ta biyu ita ce ƙara hannu da kuɗi: birkila huɗu su koma shida, a biya aikin dare. A ganina nan aka fi yin asara, domin ƙarin ba ya amfani sai an zuba shi a aikin da sauran ke jira. Ƙara masu fenti alhali rufi ne ya tsaya ɓarnar kuɗi ce. Kuma kankaren dakin yana buƙatar kwanakinsa kafin a cire katako, ko lebura ɗari aka kawo.