Ciniki Ya Ƙaru, Riba Ta Ragu: Abin da Takarda Ɗaya Ke Nuna wa Mai Shago

Mai shagon tireda da ke saro kaya a Kasuwar Singa ta Kano ya san cinikinsa na kowace rana, domin da hannunsa yake ƙirga kuɗin. Ribar da ke cikin kuɗin ce ba kasafai yake sani ba. Shi ya sa masu lissafin kasuwanci ke son ya riƙa duba takarda ɗaya duk ƙarshen wata, mai ɗauke da alƙaluma uku, kowanne kusa da na watan jiya: kwastomomin da suka dawo, matsakaicin sayayyar mutum ɗaya, da ribar kaya.

A ɗauki misalin shagon da ya yi cinikin naira miliyan 3 a Janairu, a sayayya 600. Idan aka raba, kowace sayayya ta kama naira 5,000. A Fabrairu ciniki ya kai miliyan 3.3 a sayayya 550, wato naira 6,000. Mai shago zai yi murna, amma da saura.

Ribar kaya ita ce ke buƙatar zama, domin sai an ƙirga kayan da ke kan kanta da na sito. A farkon Fabrairu akwai kayan miliyan 1, aka saro na miliyan 2.8, a ƙarshen wata aka tarar da na naira 896,000, duk a farashin sari. Ke nan uwar kuɗin abin da ya fita naira 2,904,000 ce. Ribar ta tsaya a 396,000, kashi 12 cikin ɗari na ciniki, alhali a Janairu an sami 450,000, kashi 15. Kuma ba a cire haya, man janareta da albashin yaron shago ba tukuna.

Ina kuɗin ya shige? Wataƙila farashin sari ya tashi ba a ɗaga na sayarwa daidai da shi ba, kamar yadda aka sha fama a 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a Najeriya. Wataƙila kuma buhunan shinkafa da sukari, masu kuɗi da yawa riba kaɗan, suka cika cinikin.

Alƙalamin kwastomomi ya fi tayar da hankali. Cikin mutum 200 da aka sani ta littafi ko sunan taransifa, 120 suka dawo a Janairu, amma 90 kawai a Fabrairu. A nan ya kamata a ware masu bashi a layinsu daban, domin mai ɗaukar kaya bai biya ba yana ƙawata takarda, aljihu kuwa babu komai. Mutum talatin ɗin da suka ɓace sunayensu na cikin littafi, kuma kiran waya zai nuna ko tsada ce ta kore su ko rashin kayan da suke nema.