Baƙo Ya Kira Ƙarfe Ɗayan Dare: “Ɗakina Ya Ƙi Buɗuwa”

A yawancin otal-otal na zamani, ƙofar ɗaki da kanta take kulle kanta. Da zarar baƙo ya fito ya ja ta, ko iska ta turo ta, shi ke nan, sai da katin makulli. Da rana wannan ba wani abin damuwa ba ne, ga manaja, ga masu gyara, ga ma'aikata ko'ina. Amma da tsakar dare, sau da yawa mutum ɗaya ne a teburin karɓar baƙi, wato risafshan, sai maigadi a bakin get. A irin wannan lokaci ne waya ke ƙara, a ji murya cikin fushi ko kunya tana cewa an kulle ta a waje.

Shi ya sa otal mai tsari ke rubuta wa ma'aikacin dare abin da zai faɗa, jimla bayan jimla, a ajiye kusa da waya. Dalilin rubutun shi ne akwai buƙatu biyu da ke jan juna a wannan kira. Baƙo na gaskiya ya gaji, wataƙila ko takalmi babu a ƙafarsa, yana son a buɗe masa nan take. Amma mai amsa waya ba ya ganin fuska, kuma ɓarawo ko mai bibiyar wata mace shi ma da irin waɗannan kalmomin zai zo. Rubutu mai kyau yana kwantar wa na farko hankali ba tare da ya buɗe wa na biyu ƙofa ba.

Mu ɗauki misali. Ƙarfe 1:40 na dare, a wani otal a Kaduna, wani mutum ya kira lambar risafshan da wayarsa ta hannu.

“Barka da dare, risafshan ne. Da me zan taimaka?”

“Kai, ɗakina ya ƙi buɗuwa, ina tsaye a waje tun ɗazu!”

“Ayya, sannu Yallaɓai, ka yi haƙuri. Yanzu za mu warware shi. Kafin komai, akwai yaro ko marar lafiya a cikin ɗakin? Ko akwai abin da ka bari a kunne, kamar dutsen guga ko butar lantarki?”

Wannan tambaya ita ce ta farko, tun kafin a tambayi suna, domin amsarta ce ke nuna irin saurin da za a yi. Idan jariri ne a ciki shi kaɗai, ko maganin asma ko allurar ciwon suga da mutum ke buƙata a lokacin, ba a cewa ya sauko. Ma'aikaci ya tura maigadi ko shi kansa ya hau da babban makulli, a ci gaba da tambayoyin tantancewa a kan hanya ko a bakin ƙofa. Sauri na iya sauya wurin da za a tantance, amma ba ya soke tantancewar, domin “yarona na ciki” ma ƙarya ce da kowa zai iya shiryawa.

A misalinmu mutumin ya ce babu kowa, ruwa kawai ya fito saya. Sai ma'aikaci ya ci gaba:

“To, madalla. Ka faɗa mini cikakken sunan da aka kama ɗakin da shi, da lambar ɗakin.”

A nan ne ma'aikata da yawa ke yin kuskure, kuma kirki ne ke ja musu. Mai kira ya ce ɗaki 214, sai ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce, “Au, Alhaji wane ne ko?” Da wannan ya miƙa wa baƙon murya sunan mai ɗakin kyauta. Ko kuma mai kira ya faɗi suna, ya ce ya manta lamba, sai a karanta masa. Ƙa'idar ita ce bayani daga bakin mai kira yake fitowa, ma'aikaci kuwa dubawa kawai yake yi. Idan suna da lamba ba su dace ba, kada ya ce “ai wata Hajiya ce a wannan ɗakin.” Abin da zai ce shi ne, “Yallaɓai, don Allah ka ƙaraso risafshan mu duba tare.”

Ko da sun dace ma, ba a gama ba. Suna da lambar ɗaki abu ne da mutum zai iya tsinta a wurin cin abinci, ko a jikin 'yar takardar da ake saka kati a ciki idan ta faɗi. Don haka jimla ta gaba ita ce:

“Na gode. Saboda tsaron kayanka, dokarmu ita ce mu ga katin shaida kafin mu buɗe kowane ɗaki. Kana da shi a jikinka?”

A lura da “saboda tsaron kayanka.” Mutumin da aka tambayi shaidarsa ƙarfe biyu saura na dare yakan ji kamar ana zarginsa, musamman idan babban mutum ne da ya saba a san shi. Idan aka nuna masa cewa haka za a yi wa duk wanda ya zo neman ɗakinsa, yawanci sai ya sauko. Katin ɗan ƙasa, lasin tuƙi, katin zaɓe ko fasfo, kowanne ya wadatar, muddin akwai hoto kuma sunan ya dace da na rajista.

Sai dai kusan kullum amsar ita ce, “Walat ɗina yana ciki.” Kuma gaskiya ne, wanda ya fito sayen ruwa ba ya ɗaukar fasfo. A nan rubutun ya tanadi mataki biyu. Na farko, tambayoyin da mai ɗaki kaɗai zai iya amsawa cikin sauƙi: wace lambar waya ya bayar lokacin rajista, yaushe ya sauka, yaushe zai tashi, da tsabar kuɗi ya biya ko taransifa. Na biyu, ba a ba shi sabon kati a hannu ya tafi shi kaɗai. Ana raka shi, a ƙwanƙwasa ƙofa a yi sallama ko da an ce babu kowa, ma'aikaci ya buɗe da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, baƙo ya ɗauko shaidarsa ya nuna. Wasu sukan tambaya tun kafin a buɗe, “A ina walat ɗin yake, kuma wace irin jaka za mu gani?” Mai ɗaki zai amsa ba tare da tunani ba.

“Ba damuwa, Yallaɓai. Ka tsaya a nan bakin ƙofar, abokin aikina yana zuwa cikin minti biyar. Zai buɗe maka, sai ka nuna masa katin a ciki.”

A faɗi lokaci da lamba, kuma a cika shi. “Yanzu-yanzu” ba ya nufin komai ga wanda ke tsaye a baranda da kayan barci. Idan kuma mace ce ita kaɗai, a ba ta zaɓi: “Ranki ya daɗe, ko za ki sauko nan inda akwai haske da wurin zama, ko ki jira a can?” A kuma gaya mata wanda zai zo da irin kayan da ke jikinsa, don kada wani ya riga shi.

Akwai kuma tambaya ɗaya da ke rage wahala sosai: “Katin yana hannunka? Idan ka sa shi, wace irin fitila ke kamawa?” Idan katin na hannu amma ja yake nunawa, galibi matsalar kati ce. Ana saita kowane kati ya mutu a ranar tashi, yawanci wajen ƙarfe 12 na rana, don haka wanda ya ƙara kwana ba a sabunta masa ba zai dawo da dare ya tarar da kati matacce. Katin mai baƙin layi a baya kuma maganaɗisu na iya goge shi. A tsarin makullai da yawa, da zarar an yi amfani da sabon kati a ƙofa, tsohon ya daina aiki, wanda ke nufin idan an yi wa miji sabo, na matar zai iya mutuwa sai an yi shi a matsayin kwafi. Idan kuwa babu fitilar da ta kama ko kaɗan, to batirin makullin ne ya ƙare. Waɗannan makullai da ƙananan batura suke aiki, ɗauke wuta bai shafe su ba, kuma sabon kati ba zai yi maganin komai ba. Sai makullin ƙarfe na gaggawa ko na'urar da ake jona wa makullin daga waje. Sanin wannan tun a waya yana hana a sa baƙo hawa da sauka sau biyu a banza.

Kira mafi wuya shi ne na wanda sunansa ba ya cikin rajista. “Matata ce a ciki, ta yi barci, ba ta ɗaukar waya.” Ko, “Ƙanena ne ya kama ɗakin.” A al'adarmu, ce wa magidanci ba za a buɗe masa ɗakin iyalinsa ba abu ne mai nauyi a baki, kuma matashin ma'aikaci yakan ji kunya ya ba da kai. Ni a ganina nan ne rubutun ya fi amfani, domin yana ɗauke nauyin daga wuyan yaron ya ɗora a kan dokar gida. A 2014, a wani otal a birnin Des Moines na jihar Iowa a Amurka, wani mutum ya nemi katin ɗakin wata baƙuwa a risafshan, aka ba shi ba tare da an nemi shaida ba. Da ya tarar ta sa sakatar ciki, sai ya shawo kan mai gyara ya cire masa ita, ya shiga ya yi mata fyaɗe. An ɗaure shi daga baya, matar kuma ta kai ƙarar otal ɗin. Ma'aikata biyu ne suka yi abin da suka ɗauka taimako ne.

Saboda haka amsar ba ta canzawa: “Alhaji, ka gafarce ni, ba ni da ikon buɗe ɗaki sai ga wanda sunansa ke rajista, kuma ba na iya faɗin wanda ke ciki. Ka zauna a nan, bari in ga abin da zan iya yi.” Sai ma'aikaci ya kira ɗakin ta wayar cikin gida, inda mai neman ba zai ji ba, ya tambayi mai ɗakin ko ta san shi kuma ta yarda ya hau. Idan ba a ɗauka ba, maigadi ya je ya ƙwanƙwasa shi kaɗai, ba tare da mai neman ba. Idan ta ce a'a, ko aka yi shiru, abin da ya rage shi ne a ba shi wani ɗaki ko wurin zama har gari ya waye. Sakatar da aka sa daga ciki kuwa alama ce cewa akwai mutum kuma ya zaɓi ya rufe. Ba a taɓa ta sai da izinin manaja, kuma sai idan akwai dalilin tsoron cewa ran na ciki yana cikin haɗari. Idan mai neman ya fara ɗaga murya ko barazana, a daina jayayya, a kira maigadi, a tashi manaja.

Bayan an buɗe, minti biyar ko goma, ma'aikaci ya kira ɗakin ya ce, “Yallaɓai, ka shiga lafiya? Allah ya ba mu alheri, a kwana lafiya.” Sannan ya rubuta a littafin aikin dare: lokacin kira, lambar ɗaki, irin shaidar da aka gani, wanda ya raka, da ko an soke tsohon kati. Idan katin ɓata ya yi, dole a soke shi a daren, kada a bari sai safiya. Idan kuma batir ne ya yi sanyi, a rubuta wa mai gyara ya canza shi kafin baƙon ya sake fita.