Waya ta shiga daram, amma allo na biyu ya ce "No Signal"

Wanda ya haɗa allo na biyu da kwamfutarsa ya ga "No Signal" na yawo a kai, abu na farko da yakan yi shi ne ya ƙara danna wayar. Sau da yawa wahalar banza ce. Rubutun nan ma shaida ce cewa allon yana da wuta kuma yana aiki, hoto ne kawai bai iso ƙofar da yake saurare ba.

A ɗauki misalin mai shagon buga takardu da ke da laftof mai ramin HDMI da tsohon allo mai ramin VGA, wato shuɗin ramin nan mai ƙananan huji 15. Ya je kasuwa ya sayo adafta, bakin nan ya shiga, wancan ma ya shiga, har ya ɗaure kusoshi biyun. Shiru.

Matsalar ita ce ramukan biyu ba yare ɗaya suke ji ba. VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, siginar analog yake ɗauka, HDMI kuwa na dijital ne. Dole a sami ɗan na'ura a cikin adaftar da zai yi tafinta, kuma tafintan nan hanya ɗaya yake bi. Wanda aka rubuta wa "HDMI to VGA" yana karɓa daga kwamfuta mai HDMI ya miƙa wa allo mai VGA. Idan mutumin ya sayo "VGA to HDMI", ko kwana zai yi yana dannawa ba zai ga hoto ba. Ana iya gane na biyun, domin yawanci yana zuwa da ƙarin wayar USB ta jan wuta. Haka galibin wayoyin DisplayPort zuwa HDMI suke: daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI kaɗai suke aiki. Masu sayarwa ba kasafai suke faɗin wannan ba.

In adaftar daidai take, sai a duba allon kansa. Mai ramuka biyu ko uku ɗaya yake saurare a lokaci guda, kuma ba kowanne ke sauyawa da kansa ba. A danna maɓallin Input ko Source a zaɓi ramin da wayar take ciki.

Daga nan sai kwamfutar. A Windows, danna `Windows + P` yana fito da zaɓi huɗu. Idan yana kan "PC screen only", kwamfutar ce da kanta ta hana hoton fita, sai a mayar da shi "Extend" ko "Duplicate".

Idan duk an yi wannan allon bai farka ba, a jona laftof ɗin da talabijin ta wayar HDMI zalla. Hoto ya fito, ramin laftof lafiya lau yake, laifin yana wajen adafta, wayar VGA ko allon.