Musanyar duti a ɗakin haihuwa

A yawancin asibitocin gwamnati a Najeriya, aikin nas-nas da ungozomomi kashi uku ne: dutin safe, na rana da na dare. Shugabar ɗaki ce ke tsara rosta, a manna ta a bango. Sai dai biki kan taso, yaro kan kwanta ciwo, a ji wata tana cewa, "Don Allah Sista, riƙe min daren Juma'a, ni in riƙe miki na Litinin."

Taimakon juna ne mai kyau, amma akwai inda yake ɓaci. A ɗauki ɗakin haihuwa mai mutum uku a dutin dare: ƙwararriyar ungozoma, nas ɗaya, da wata sabuwa da ta gama makaranta bara. Ungozomar za ta bikin ƙanwarta, sai ta yi musanya da wata ƙaramar nas. A takarda har yanzu mutum uku ne. To, a ce ƙarfe biyun dare an kawo mai ciki tana jijjiga. Ana buƙatar wadda hannunta ya saba da allurar maganiziyam salfet, wadda ta san dole a riƙa duba numfashin matar da yawan fitsarinta, a kuma ɗan bugi gwiwarta a ga ko ƙafa na zabura, don kada maganin ya yi mata yawa. A daren nan mai wannan sanin tana gidan biki. Shi ya sa shugabar da ta san aikinta ba ta tsayawa ga ƙirga kawuna: ungozoma da ungozoma take yarda su yi musanya, babba da babba.

Abu na biyu shi ne hutu, kuma shi aka fi mantawa. Idan wadda ta karɓi daren ta tashi ƙarfe 8 na safe, alhali nata dutin ranar yana farawa ƙarfe 2, awa shida ke nan tsakani, a ciki har da hanya da girki. Dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai ta 2003 ta tanadi hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24, kuma ma'auni ne da ya dace a ara, domin gajiyayyen ido ne ke kuskuren awon magani.

Musanyar baki da baki ita ce mafi haɗari, musamman in ta zama sarƙa: ta farko ta ba ta biyu, ta biyu ta miƙa wa ta uku, ta uku ta ɗauka Asabar ake nufi. Maganinta a rubuta ranakun biyu, su duka su sa hannu, shugaba ta duba rostar kwanan gaba da na baya kafin ta amince, sannan ta gyara ta bango da hannunta. Kafin a yi gyaran, dutin yana wuyan wadda sunanta ke rubuce.