Me Ya Sa Shida Ke Tsoron Bakwai?

Akwai wani ɗan barkwanci da yaran Turawa suka haddace. Sai a tambaya: me ya sa Shida ke tsoron Bakwai? Amsar ita ce a ci gaba da ƙirga, bakwai, takwas, tara, sai wuri ya kaure da dariya. Bahaushe kuwa sai ya yi zuru, yana jiran ƙarashen zance.

Sirrin yana kunne. A Ingilishi, kalmar "takwas" da kalmar "ya ci" furucinsu ɗaya, sai a rubuce suke bambanta. Mai sauraro yana jin ƙirga, kuma yana jin cewa Bakwai ta cinye Tara. Hausa ba ta da wannan dacen, don haka fassarar kalma da kalma ba ta kawo komai sai lissafin 'yan aji ɗaya.

Mai fassara na iya yin abin da na yi yanzu, wato bayani. Mai karatu zai gane, ya gyaɗa kai, amma ba zai dara ba, domin an nuna masa tarkon kafin ya taka.

Ko kuma ya nemo tagwan ma'ana a cikin Hausar kanta. A nan an taki sa'a, domin "tara" lamba ce, kuma ita ce kuɗin da alƙali ke yanka wa mai laifi. Sai a ce: "Me ya sa Shida ke tsoron Bakwai? Ai Bakwai cin tara take yi." Ga Tara an cinye ta, ga kuma hukunci, duk a jimla ɗaya, kuma tsoron Shida ya sami dalili. An yi asara dai: Takwas ta ɓace, jerin ƙirgar ya tafi da ita. Sannan tarar lissafi gajerun wasula gare ta, ta kotu kuwa dogaye, karin sautinsu ma daban. Rubutun boko ba ya nuna wannan, shi ya sa wasan ya fi zama daram a takarda. A rediyo dole baki ya zaɓi ɗaya, kuma mai kaifin kunne zai ji an ɗan matsa wa kalmar. Gwajin mai sauƙi ne: a faɗa wa wanda bai san asalin ba. In ya ce "ban gane ba", a sake ɗinki.

Wanne za a ɗauka? A duba abin da barkwancin ya zo yi. A fim ɗin da ake ɗora wa murya, inda 'yan wasa ke fashewa da dariya bayan daƙiƙa biyu, babu filin sharhi, dole a ƙirƙiro. Amma tafinta a kotu, ko ɗan jaridar da ke kawo kalaman wani shugaba, ba shi da izinin sa wa mutum maganar da bai faɗa ba. A can bayani ne wajibi, ko da kuwa ba wanda zai yi murmushi.